Darasin Dare Ga Wanda Ya Wuni Yana Aiki

Tela ko ɗan dako da ya shigo aji bayan sallar Isha'i, jikinsa ya riga ya mutu. Sa'a ɗaya ta ishe shi.

Malami ya sa sabon abu a farkon darasi, kafin gyangyaɗi ya zo. Ya rubuta “kuɗi” a allo, ya raba ta gaɓa biyu: ku, ɗi. Daga nan ɗalibai su haɗa ka, ki, ko da ɗa, su samu “kiɗa” da “koɗa”. Mintuna 20 ke nan. Sai rubutu, kowa ya tashi ya zo allo, domin zama wuri ɗaya shi ke kawo barci.

A ganina aikin gida zalunci ne a nan, yaushe zai yi? Idan amsar baki ɗaya ta fara ja, a koma lissafin canjin kuɗi, kowa da cinikinsa na ranar.