Dillali Biyu, Rijiya Ɗaya: Gargaɗi Ga Masu Injin Shinkafa A Kudancin Kano

Akwai wani mai injin gyaran shinkafa da na sani a Tudun Wada wanda ya yi shekaru yana karɓar shanshera a hannun mutum guda. Ba su taɓa saɓawa ba. Idan kaya suka yi ƙasa sai ya buga waya, kafin la'asar mota ta tsaya a ƙofar inji, kuɗi kuma sai an sayar a biya. Wata ranar Talata cikin watan Yuli ya buga, sai dillalin ya ce masa: "Alhaji, ka yi haƙuri, wani babban kamfani ya ba ni kafin alƙalami, duk abin da na tara nasu ne har ƙarshen wata." Kwana goma sha ɗaya injin yana tsaye. Matan da ke yi masa gumi suka koma wani wurin, yaran inji biyu suka tafi noman ƙodago, mai shagon da ke sarar buhu talatin a wurinsa kowane mako ya sami wani mai inji, kuma bai dawo ba.

Dillalin nan bai ci amanarsa ba. Ɗan kasuwa ne, ya ga inda kuɗi ya fi kauri ya karkata. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, manyan kamfanonin shinkafa suka yawaita a Kano, su kuwa da tirela suke saye kuma da kuɗi hannu. Duk ranar da shanshera ta yi wuya, mai ƙaramin inji da ke karɓa bashi shi ne na ƙarshe a layi, ko da kuwa shi da dillalin a tire ɗaya suke cin tuwo.

Da na tambayi mai injin nan na Tudun Wada ko ba shi da wani mutum na biyu, sai ya zaro waya ya nuna mini lambobi uku. Nan ne kuskuren da na fi son mai karatu ya lura da shi. Duka mutanen ukun a kasuwa ɗaya suke saye, daga hannun manoman yanki ɗaya, masu noman damina. Lokacin da rumbunan Tudun Wada suka yi ƙasa, su duka suka rasa kaya a mako guda. Guga uku gare shi amma rijiyar ɗaya ce. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa duk wanda kake so ya zama madogararka ta biyu ita ce: daga ina kake ɗauko kaya? Ta biyu kuma: ta wace hanya motarka take biyowa?

Allah ya yi wa wannan yanki gata a nan. Shinkafar Tudun Wada da kewaye yawancinta ta damina ce, tana shigowa kasuwa wajen Oktoba zuwa Disamba. Amma ruwan madatsar Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974, yana shayar da gonakin Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure, inda ake iya noma ko da ruwan sama ya yi gardama. Abin da ya ɓata amfanin gonar tudu a Kiru ba lallai ya taɓa gonar da ke shan ruwan kwata a Kura ba. Mai injin da yake da mutum ɗaya a kasuwar Tudun Wada da wani a Kura ya riƙe igiya biyu na gaske. Wanda ƙarfinsa ya kai yana iya neman na uku a ƙasar Haɗeja ko wajen masu kawo kaya daga Taraba, sai dai kuɗin mota zai ciji riba, musamman tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023.

Batun hanya ma haka yake. Mai sana'a a Doguwa, ko niƙan masara yake yi ko haɗa abincin kaji, kusan duk abin da zai zo masa daga Kano sai ya biyo ta Kwanar Dangora, ya ratsa Tudun Wada, ya keta dajin Falgore. Idan dukan masu kawo masa kaya ta wannan titin suke zuwa, matsala ɗaya a kan hanya ta ishe su duka. Ga shi kuwa Saminaka na kusa da shi ta kudu. A ganina mutumin Doguwa ya fi dacewa ya nemi na biyunsa ta can.

To, ka samu mutum daga wata rijiyar. Kada ka jira ranar wahala kafin ka gwada kayansa, domin a ranar ba ka da bakin cewa a'a. Sayi buhu biyar tun kana cikin wadata, ka gyara su daban, kada ka haɗa da na tsohon dillalinka. Ɗora kowane buhu a kan sikeli kafin a jiƙa, domin abin da ake kira buhu a wata kasuwa ba shi ne buhu a wata ba. Zura hannu har ƙasan buhun, don a can ake ɓoye ƙaiƙayi da tsakuwa. Ciza ƙwaya: busasshiya tana karyewa ƙas, mai danshi kuwa tana lotsewa a haƙori. Masu na'urar awon danshi suna neman kashi 14 cikin ɗari ko ƙasa da haka kafin a ajiye. Duba kuma ko iri ɗaya ne. Idan an gauraya doguwar ƙwaya irin FARO 44, wadda manoma ke kira Sipi, da gajera mai kauri, ba za su jiƙu tare ba wurin gumi, a inji kuma ko dai doguwar ta wuce da ɓawonta ko ka matse har mai kaurin ta kakkarye.

Bayan an gyara sai a yi lissafi, kuma farashin buhu shi kaɗai yaudara ne. Ga misali, da alƙaluman da na ɗauka don sauƙin bayani, kai sai ka sa na kasuwarka. Tsohon dillalinka yana ba ka buhu mai kilo 100 a kan naira 40,000, kana fitar da kilo 62 na gyararriya. Kowane kilo ya tsaya maka a kan kusan naira 645 kenan. Sabon mutum ya ba ka a kan 38,000, ka yi murna da ragin dubu biyu, amma kilo 55 ta fito. Kilonsa ya kama kusan naira 691. Mai arahar shi ne mai tsada. Wannan ba dalilin watsar da shi ba ne, dalilin zama da shi ne a nuna masa sikeli, a daidaita kan farashin da ya dace da abin da kayansa ke fitarwa. Idan ma bayan haka kilonsa ya ɗan fi na tsohon tsada da naira goma ko ashirin, ni dai ina ganin a biya. Kwatanta wannan ɗan ƙari da asarar kwana goma sha ɗaya.

Abu na gaba shi ne wanda mutane suka fi ƙi, wato ka riƙa saye a wurinsa a kai a kai ko da ba ka matsu ba. Dillalin da ba ya ganin kuɗinka sai ranar da kaya suka yi wuya ya san ƙaddara ce ta kawo ka, kuma yana da nasa mutanen da zai fara sallama. Idan injinka na cin buhu 20 a rana, kwana shida a mako, buhu 120 kenan. Bar wa tsohon mutuminka 84, ka ba sabon 36. Tsohon bai ji an yasar da shi ba, sabon kuma ya saba da irin kayan da kake so, ya san hanyar injinka, ya san kana biya. Kuma ka faɗa wa tsohon da bakinka kafin ya ji a kasuwa. Mai injin nan da na ambata, da ya tashi yin haka, gidan dillalin ya je bayan sallar isha'i ya ce: "Maigida, kai ne dai babba, amma ka ga abin da ya faru bara. Iyali nake ciyarwa." Mutumin ya ɗan yi shiru, sannan ya ce gaskiya ne.

Sai dai duk wannan ba ya yiwuwa ga wanda bashi ya ɗaure wa wuya. Idan kullum kuɗin buhu ɗari na dillali yana kanka, ba ka da fuskar kai kuɗi hannu wurin wani, shi ma ba zai lamunta ba. Sai ka fara rage bashin a hankali, ko da buhu biyar-biyar ne, har ka sami abin da za ka riƙa juyawa da kanka.

Ajiya ita ce ke cike giɓin da ke tsakanin ranar da na farko ya gaza da ranar da motar na biyu ta iso. Tambayi na biyun kwana nawa zai ɗauka ya haɗa maka cikakken kaya idan ka kira shi ba zato. Idan ya ce uku, ka lissafa biyar. Biyar sau 20, buhu 100 kenan da bai kamata sito ya gaza su ba. A jera su a kan katako, nesa da bango, a riƙa cin tsohon kaya ana mayar da sabo. Fiye da haka ga ƙaramin mai inji ɗaure jari ne da ciyar da ɓera.

Akwai kuma ɗan ƙaramin abin da ba a tunawa da shi sai ya tsayar da komai. A ranar 1 ga Fabrairun 1997 gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin a Japan, wadda kusan ita kaɗai ke ƙera wa Toyota wani ɗan ƙarfen birki da bai cika tafin hannu ba. Kamfanin Toyota da girmansa sai da ya tsayar da haɗa motoci na kwanaki, har wasu masana'antu da dama suka taru suka koyi ƙera abin. A injin shinkafa wannan ɗan abin shi ne robar ɓare ƙwaya, ko rariya ga masu tsohon inji, da bel. Yawancinsu daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma sau da yawa shago ɗaya ne a Kano ka sani yana da daidai da naka. Robar tana faɗa maka kafin ta mutu: za ka ga ƙwaya mai ɓawo na ƙaruwa a cikin wadda ta fito, kana ta matsewa karyayya na yawa. Kada ka jira hakan. Rubuta girman robarka da lambar da ke jikin bel a bangon ɗakin inji da kuma cikin wayarka, ka ajiye sabbin roba biyu da bel ɗaya a inuwa, nesa da zafi da man gas. Randa ka ɗaura na ajiyar, a ranar za ka aika a sayo madadinsa. In kuma akwai mai inji irin naka a gari, ku yi magana tun yanzu a kan aron kayan gyara, wanda ya ara ya mayar da sabo cikin mako.