Nawa Kaya Suka Tsaya Maka a Shago?

Ɗan kasuwa ya sayi takalmi a Guangzhou kan dala 3, ya lissafa dala a naira 1,500, ya ga 4,500, sai ya sa farashin 6,500 yana murna ya ci riba. Alhali uwar kuɗinsa yake ci bai sani ba, domin abin da ya biya a masana'anta somin-taɓi ne kawai.

Mu ɗauka ƙafa 2,000 ya saya, wato dala 6,000. Kuɗin jirgin ruwa zuwa Apapa da inshora suka ci dala 1,000. Jimilla dala 7,000, ko naira 10,500,000. A nan mutane da dama ke tuntuɓe: kwastan ba a kan kuɗin kaya kaɗai suke yanka haraji ba, a kan wannan jimillar ne, har da jigila da inshora. Idan kayan sun faɗa rukunin kashi 20 cikin ɗari na jadawalin harajin ECOWAS, za a biya 2,100,000. Sai harajin VAT na kashi 7.5, wanda shi kuma ake ɗorawa a kan jimillar haɗe da harajin kwastan ɗin, wato haraji a kan haraji. Aƙalla 945,000 ke nan. A ce sauran ƙananan caji, kuɗin tasha, ladan ejan mai fito da kaya, motar da za ta kai Kano da 'yan dako sun lashe 1,455,000. Komai da komai ya kama 15,000,000.

Raba wannan da 2,000, kowace ƙafa ta tsaya a naira 7,500. Amma da abin da zai sayu ake rabawa, ba da abin da ke rubuce a rasit ba. In 50 sun jiƙe ko sun yi ɓatan dabo, 1,950 za su ɗauki nauyin duka, kowace ta koma kusan 7,700.

Canji kuwa biyu ne, kada a gwama su. Akwai farashin da ka sayi dala da shi, akwai kuma wanda kwastan ke amfani da shi wajen lissafin haraji, kuma yana iya motsawa kaya na kan ruwa. A ganina akwai ma na uku da ya fi su muhimmanci: farashin dalar ranar da za ka sake saro kaya. In ta kai 1,600, dala 7,000 ɗin nan kaɗai ta ƙaru da naira 700,000, wato 350 a kowace ƙafa.

Idan kaya iri-iri ne a kwantena ɗaya, kada a raba kuɗin jirgi daidai wa daida. Jigila tana bin girman wurin da kaya suka ci, haraji kuma yana bin darajarsu. Wanda ya raba kai-da-kai zai sa agogo ya biya wa bokitin roba kuɗin jirgi, ya riƙa sayar da bokiti a faɗuwa. Kuma duk kwanan da kwantena ta ƙara a tasha bayan wa'adin kyauta akwai tararsa, don haka ba a tsayar da farashi sai ejan ya kawo rasit na ƙarshe.