Gyaran layi uku, gwajin awa huɗu: wanne za a fara?

A ce yammacin Juma'a ce, kuma masu wata manhajar biyan kuɗi sun gano tana rage kwabo ɗaya a wasu rasidai. Injiniya ya bi sawu ya tarar da tushen matsalar: a yaren Python, `round(2.675, 2)` kan ba da 2.67 maimakon 2.68, saboda yadda kwamfuta ke ajiye lambobi masu ɗigo. Gyaran bai fi layi uku ba, a koma amfani da `Decimal`. Sai dai kafin a saki kowane gyara, akwai dubban gwaje-gwaje da ke tabbatar da cewa abin da ke aiki jiya bai lalace yau ba, kuma gudanar da su duka na cin awa huɗu. Ga shi abokan ciniki suna ta ƙorafi.

Injiniyan da ya san aikinsa ba ya auna gyara da yawan layukansa. Abin da yake tambaya shi ne: su wa suka dogara da wurin da aka taɓa?

Da farko zai rubuta sabon gwaji ɗaya da ke sake haifar da kuskuren, ya gudanar da shi a kan tsohon kod. Dole gwajin ya faɗi. Idan ya wuce lafiya tun kafin gyara, to bai kama ainihin matsalar ba, kuma wucewarsa bayan gyara ba shaidar komai ba ce. Wannan mataki ne masu sauri suka fi tsallakewa, alhali bai kai minti goma ba.

Daga nan sai ya duba abin da ya canza da kuma masu kiransa:

```
git diff --name-only main
git grep "lissafa_caji"
```

Umarni na farko ya nuna fayil ɗaya tak. Na biyu kuwa ya tona cewa ba sashen rasidi kaɗai ke kiran `lissafa_caji` ba. Sashen mayar wa mutane kuɗinsu na kiransa, haka ma rahoton ƙarshen wata. Nan haɗarin yake. Aikin da a da yake mayar da lamba mai ɗigo yanzu `Decimal` yake mayarwa, kuma Python ba ya yarda a tara waɗannan nau'i biyu, sai ya tsaya da `TypeError`. Rasidi zai gyaru, rahoton wata ya rushe, ba wanda zai sani sai ranar talatin. Saboda haka gwaje-gwajen sassan nan uku sun shiga jerin dole. Na shafin shiga da na sauya hoton mai asusu suna iya jira.

Akwai kayan aiki da ke yin wannan zaɓe da kansu. `pytest-testmon`, alal misali, yana rubuta wane gwaji ne ya ratsa wane ɓangaren kod, sai ya gudanar da waɗanda canjin ya shafa kawai. Amma da taswirar da ya tara a gudun baya yake aiki, don haka tilas ta kasance sabuwa. A kan abin da ya zaɓo, ana ƙara 'yan gwaje-gwaje gajeru na manyan hanyoyi, wato shiga asusu, biya da fitar da rasidi, ko da gyaran bai kusance su ba.

Taswirar kuma tana da makanta. Kod take gani, ba ta ganin fayil ɗin saituna, ko sauyin tsarin rumbun bayanai, ko wata hidima ta waje. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin CrowdStrike ya tura wa kwamfutoci sabuntawar wani fayil na saituna. Manhajar ta nemi karanta bayani na 21 alhali 20 aka ba ta, kuma Microsoft ya ƙiyasta na'urorin Windows miliyan 8.5 ne suka durƙushe, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka shiga ruɗani. Idan gyaran gaggawa ya taɓa irin waɗannan fayiloli, ko wani ginshiƙi da kowane sashe ke jingina da shi, zaɓe ba shi da amfani. A haƙura da awa huɗun, ko a raba gwaje-gwajen kan injuna takwas su ƙare cikin kusan rabin awa.

A misalin kwabon nan, zaɓaɓɓun gwaje-gwajen za su iya kammalawa cikin minti ashirin. Sai a saki gyaran ga kaso kaɗan na masu amfani, ana sa ido kan rasidai, tsohon sigar kuma na ajiye don komawa nan take. Cikakken gwajin yana ci gaba da gudu a gefe, kuma tun kafin a tashi ake ambata sunan wanda zai duba sakamakonsa a daren.