Neman aikin da ya dace da kai a LinkedIn

Mai digirin noma da ya ƙware a noman rani yakan rubuta agronomist a akwatin binciken LinkedIn, sai tallace-tallace su yi masa rubdugu, galibi ba nasa ba. Maganin abin shi ne haɗa kalmomi da AND, OR da NOT, dabarar da ta samo suna daga masanin lissafi George Boole.

```
("irrigation engineer" OR agronomist) AND drip NOT sales
```

Alamar zance tana hana a raba kalmomin biyu. OR na tattaro sunayen da ma'aikatu daban-daban ke kiran aiki ɗaya, nan kuwa ya kamata a fi ɓata lokaci: karanta tallace-tallace biyar, ka tsinci sunayen da suke maimaitawa. AND na tabbatar da cewa ban-ruwa na ɗigo yana ciki.

Da manyan baƙaƙe ake rubuta umarnan uku, in ba haka ba shafin ya ɗauke su kalmomin nema.

NOT kuwa wuƙa ce mai kaifi biyu. Tallar da ta ambaci sales sau ɗaya tana iya ɓacewa, ko da ita ce taka. In sakamako ya ragu zuwa biyu ko uku, shi za ka fara cirewa.