Rance ne ko ƙiradi? Yadda haɗakar wake ta watse a Dawanau

A kan benci aka ƙulla maganar, bayan sallar La'asar, a bakin wata rumfa da ke kasuwar Dawanau a Kano. Alhaji, mai rumfar, ya dubi wani matashi da ya daɗe yana yi masa awo ya ce, "Ƙanena, ga kuɗi, ka shiga ƙauye ka sayo wake. Abin da Allah Ya ba mu sai mu raba biyu." Matashin ya ce, "To Alhaji, Allah Ya sa albarka." Suka yi musabaha, suka shafa fatiha. Mai shayin gefe yana ji, haka ma babban ɗan Alhaji. Naira miliyan huɗu ta bi ta banki, miliyan biyu kuma aka ƙirga a hannu aka zuba a leda. Ba wanda ya nemi biro.

Shekara biyu harka tana tafiya lami lafiya. Da kaka matashin ya zaga kasuwannin ƙauye ya tara kaya, da bazara ya sayar. Karon farko ya tura wa Alhaji naira 640,000, na biyu 410,000. A na uku ne ƙwari suka shiga rabin buhunan da ke sito, farashi kuma ya faɗi, aka yi asarar miliyan ɗaya da dubu ɗari. Ga kuma kayan naira 700,000 da ya ba wani baƙon ɗan kasuwa bashi, mutumin ya yi layar zana. Abin da ya iya dawo da shi miliyan huɗu da dubu ɗari biyu ne. Alhaji ya ƙirga, ya ɗago kai ya ce, "Saura miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Ai rance na ba ka." Matashin ya ce, "Haba Alhaji! Kasuwa muka yi tare, kasuwa kuma ta faɗi."

Duk rigimar a kan kalma ɗaya take. Idan rance ne, dole a biya shi cif, ko an ci riba ko an faɗi. Idan kuwa wani ya kawo jari wani ya kawo guminsa don a raba riba, wannan shi ne abin da malaman Malikiyya suke kira ƙiradi, kuma hukuncinsa daban ne: asara a kan mai jari take, shi kuma mai juya kuɗin ya tashi a tutar babu, wahalarsa ta tafi a banza. Amintacce ne a idon shari'a, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka gindaya masa. Mutane da yawa a kasuwa suna ba da jari da zuciyar cewa riba tasu ce su biyu, asara kuwa ta yaro ce shi kaɗai. A fiƙihu, wannan sharaɗin ɓata ƙiradin yake yi.

To, wa zai kawo hujja? Ƙa'idar da kotunan shari'a suke bi ita ce, mai da'awa shi ke kawo shaidu, wanda ya musa kuma ya yi rantsuwa. Amma a nan akwai abin da ya girgiza matashin ranar da wani malami ya yi masa bayani. A mazhabar Malikiyya, idan mai kuɗi ya ce rance ne, wanda ya karɓa ya ce ƙiradi ne, kuma babu shaida, maganar mai kuɗi ake kamawa tare da rantsuwarsa. Dalilin a fili yake: matashin ya amsa cewa kuɗin mutum sun shiga hannunsa, yanzu kuma yana da'awar abin da zai sauke masa nauyin biya. Saboda haka shi ne zai nemo hujja.

A harkar dukiya ana karɓar shaidar maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa. Mai shayi ya ji kalmar "mu raba biyu" da kunnensa, kuma ba shi da ko sisi a cikin cinikin, don haka shaidarsa tana da nauyi. Ɗan Alhaji kuwa, ko da zai ce rance ya ji, ba a karɓar shaidar ɗa don amfanin mahaifinsa. Wannan ya yi wa Alhaji ciwo ƙwarai, domin shi ne mutumin da ya dogara da shi.

Abin da ya fi kama ni a labarin shi ne takardar bayanan asusun banki. Matashin ya je ya karɓo ta, sai ga kuɗin nan biyu, 640,000 da 410,000, kuma a jikin na farkon ya rubuta "rabon wake" lokacin da yake turawa, ba da tunanin wata rana za ta zo ba. Kuɗi ne da ba su yi daidai da juna ba, suna hawa da sauka yadda kasuwa ta kama, kuma haka rabon riba yake. Idan Alhaji ya dage cewa rance ne, sai ya faɗi sunan waɗannan kuɗi da ya karɓa. In ya ce ƙari ne a kan bashi, ya amsa cin kuɗin ruwa da bakinsa. In ya ce biya ne, to naira 1,050,000 ta fita daga abin da yake bi, saura 750,000 kacal.

Amma fa matashin bai tsira gaba ɗaya ba. Maganar ƙwari da faɗuwar farashi, ana gaskata mai juya kuɗi da rantsuwarsa matuƙar ba a ga alamar ƙarya ba, kuma mai sito da 'yan dako sun ga buhunan sun zama gari. Idan Alhaji yana ganin sakaci ne, misali an zuba waken bai gama bushewa ba ko ba a sa masa magani ba, shi zai tabbatar da hakan, kuma bai samu mai faɗa ba. Bashin nan na 700,000 ne ya zame wa matashin ƙarfen ƙafa. Mai juya kuɗin ƙiradi ba shi da ikon sayar da kaya bashi sai da izinin mai jari, in ya yi gaban kansa ya rama. Ya rantse cewa ya kira Alhaji ya ce masa "ba shi", to amma kira ne na baki, ba saƙon murya ba, ba rubutu ba, kuma yana shi kaɗai a bakin sito lokacin. Waya tana nuna an yi kira da ƙarfe kaza, ba ta nuna abin da aka faɗa.

Da ran Alhaji ya ɓaci, ya so ya sa a kulle shi. Wani maƙwabcin rumfarsa ya hana shi, kuma ya yi daidai: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai saɓa yarjejeniyar ciniki. Maganar ta koma gaban dattawan ƙungiyar 'yan kasuwa, suka zauna da limami, suka saurari mai shayi, suka duba takardar banki layi-layi. Aka tsaya a kan cewa ƙiradi ne, asarar wake Alhaji ya ɗauka, 700,000 kuma matashin zai biya kashi huɗu, naira 175,000 duk bayan wata uku.

A wannan karon sakataren ƙungiya ya yago takarda daga littafinsa ya rubuta adadi da ranakun biya, su biyun suka sa hannu, dattawa biyu suka sa nasu a ƙasa. Alhaji ya ninke tasa ya sa a aljihun gaba. Matashin ya ɗauki hoton tasa da waya, ya durƙusa ya yi wa dattawa godiya, ya fita ta ɗaya ƙofar.