Mai fanka ko mai ruwa: wacce za ta sanyaya kwamfutarka a ɗaki mai zafi?

Idan ɗakinka ba iyakwandishan, kada ka ɗauka na'urar sanyaya furosesa mai ruwa za ta raba ka da zafin Afrilu. Ruwan ba ya kashe zafi, dakonsa kawai yake yi: famfo ya tura shi zuwa lagireto, fanka ta watsa zafin cikin ɗakin. Mai fanka zalla ma nan take zubar da nata. Don haka ba wadda za ta sauko da furosesa ƙasa da zafin ɗakin.

A ce na'urarka na riƙe furosesa digiri 50 sama da zafin ɗaki lokacin aiki mai nauyi. A ɗaki mai digiri 25 za ka ga 75. Ɗakin ya kai 38, sai ka ga 88, alhali furosesoshi da yawa kan rage gudu da kansu wajen 95 zuwa 100.

Ruwa na da yaudara: ba ya saurin ɗumama, sai lambar ta yi kyau a mintunan farko. Bari aikin ya yi rabin awa tukuna ka duba. Inda mai ruwa ke cin nasara da gaske shi ne faɗin lagireto, kamar mai milimita 360, ga furosesar da ke jan sama da wat 200.

In taka ba ta wuce wat 150 ba, ni dai babbar mai fanka zan saya. Fankarta ta tsaya, da ido za ka gani, ka canza ta da araha. Famfo kuwa a ɓoye yake mutuwa: fankoki na juyawa, lagireto ba ɗumi, furosesa na ƙuna.