Kiɗa a Ƙarƙashin Murya: Abin da Lasifikar Waya Ke Haɗiyewa

A ɗauki misalin matashin da aka ba aikin tallan wani shagon atamfa a Kantin Kwari, na daƙiƙa talatin. Ya ɗauki muryar mai shela, ya shimfiɗa kiɗan goge da kalangu a ƙarƙashi, ya saurara da abin kunne mai tsada, komai zam-zam. Sai mai shago ya buɗe saƙon a wayarsa a tsakiyar kasuwa, ya ce shi kiɗa kawai yake ji, lambar shagon ma ba ta fito ba.

Matsalar daga lasifikar take. Ta waya ba ta fi ƙwayar wake girma ba, kuma ba ta iya fitar da sauti mai kauri, wato abin da ke ƙasa da kimanin 300 Hz. A nan kaurin muryar namiji yake, a nan kuma dukan babbar ganga yake. Duka biyun sai su ɓace. Abin da ya rage shi ne tsakiyar sauti, musamman daga 1,000 zuwa 4,000 Hz, inda baƙaƙen magana ke bayyana, inda kunne ke rarrabe "kafa" da "ƙafa", ko "sara" da "shara". Goge da algaita da sarewa su ma a wannan fili suke da ƙarfi, don haka a waya muryar ta rasa jikinta, gogen kuwa yana nan daram. Kalangu ya fi su ɓarna, domin asalinsa kwaikwayon hawa da saukar harshe yake yi, kunnen Bahaushe kuma sai ya bi shi kamar wani ne na biyu ke magana.

Manyan gidaje ma sun taka wannan sawu. A 2011 masu kallo a Birtaniya sun yi ƙorafi cewa kiɗa ya danne magana a shirin BBC mai suna Wonders of the Universe, har gidan ya sake haɗa sautin, ya sassauta kiɗan.

Gyaran daga murya yake farawa, ita kaɗai, kiɗa a kashe. A manhajar Audacity, wadda kyauta ce, matashin zai sa High-Pass Filter a wajen 80 zuwa 100 Hz ya share gurnanin janareta da bugun iska. Daga nan sai Compressor, a kan 3:1, domin ya rage tazarar da ke tsakanin kalmar da aka ɗaga da wadda aka sassauta. Wannan mataki ne ke ceto ƙarshen jimla, inda mai magana kan sauke murya, kuma sau da yawa a nan farashi ko lambar shago suke faɗowa.

Sai a shigo da kiɗa daga can ƙasa, ana ɗaga shi sannu a hankali. Ƙa'idar da ƙungiyar W3C ta shimfiɗa saboda masu raunin ji ta ce sautin baya ya gaza magana da aƙalla 20 dB, wanda a kunne yake kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta. Mai haɗawa kan ga kamar hakan ya yi yawa, amma shi ya riga ya haddace kalmomin, kunnensa na cike masa gurbin da baƙo ba zai iya cikewa ba.

Ba dole kiɗan ya zauna a ƙasa koyaushe ba. Auto Duck na sunkuyar da shi idan murya ta shigo, ya sake shi idan ta tsaya, muddin layin murya na ƙarƙashin na kiɗa a allon. Da ragin 12 dB yake zuwa, ga kiɗan goge kuwa sai an ƙara. Idan aka ji kiɗa na zabura tsakanin kalma da kalma, to ana sakinsa da wuri, a tsawaita lokacin dawowarsa. Idan har yanzu gogen na cizo, a buɗe Filter Curve EQ a kan kiɗan, a rage 3 ko 4 dB tsakanin 2,000 da 4,000 Hz.

Ƙarar ƙararrawa, ko ta yage yadi, a ajiye su a gurbin numfashi, kada su hau kan kalma.

Gwajin ƙarshe a waje ake yin sa. Wayoyi da yawa lasifika ɗaya gare su, don haka a haɗe hagu da dama a saurara, a tura faifan ta WhatsApp zuwa ƙaramar waya, a fita bakin titi inda Keke Napep ke wucewa, a miƙa wa wanda bai taɓa jin tallan ba, a ce ya maimaita lambar shagon. Idan ya ce a sake kunnawa, a koma a rage kiɗan da 3 dB a sake turowa.